Magini ya shigar da da'awa a kan gidanka kana shirin sayarwa: yadda ake warware ta a New York

Tun da 'yan'uwanmu mazauna Bronx da Brooklyn da Queens suka fara mallakar gidaje, wata tambaya take yawan zuwa mini, kuma kusan kullum sai lokaci ya ƙure take zuwa. Mutum ya samu mai saye, an daidaita farashi, an sa ranar cika ciniki, sai lauya ya bugo waya ya ce an gano wata takarda a kan gidan: maginin da aka yi saɓani da shi bara ya shigar da da'awar kuɗin aikinsa. Mai gida ya ce shi bai taɓa shiga kotu da kowa ba, babu alƙalin da ya ce ana bin sa bashi, to ta yaya takarda guda za ta tsayar da ciniki?

Ga yadda abin yake. Dokar jihar New York ta ba wanda ya yi aiki ko ya kawo kayan gini a kan wani gida da yardar mai shi damar zuwa ofishin magatakardan gunduma, wato County Clerk, ya shigar da takardar da ake kira Notice of Mechanic's Lien. Ba ya buƙatar izinin alƙali, ba ya buƙatar sa hannunka, kuma magatakarda ba ya binciken ko gaskiya ya faɗa. Daga ranar da aka karɓi takardar, bashin ya manne wa gidan, duk wanda ya saye shi ya saya da bashin a kai. Doka ba ta hana ka sayarwa ba. Amma kamfanin da ke binciken mallakar gida ba zai ba mai saye inshora a kan wannan da'awar ba, banki kuma ba zai ba da rance ba sai da inshorar. A nan cinikin yake tsayawa.

Duk abin da zan faɗa na jihar New York ne. Kowace jiha da kwanakinta. A California, alal misali, kwana 90 kacal mai da'awa yake da shi na shigar da ƙara bayan ya rubuta da'awarsa, alhali a New York shekara guda ce. Kada ka ɗauki lissafin nan ka kai shi New Jersey ko Texas.

Misalin da za mu bi

Gida ne mai sassa biyu a Bronx, mai shi yana zaune a ƙasa, ɗan haya a sama. Ya ba ɗan kwangila aikin sabunta kicin da banɗaki da rufi a kan dala 60,000. Ya biya 48,000, ya riƙe 12,000 saboda rufin yana yoyo. Ranar ƙarshe da ma'aikata suka yi aiki ita ce 15 ga Maris 2024. A ranar 2 ga Oktoba 2024 ɗan kwangilar ya shigar da da'awar dala 27,000: ragowar 12,000, da wasu 15,000 da ya ce na ƙarin aikin da aka yi yarjejeniyarsa da baki ne. Mai aikin famfon da ɗan kwangilar ya ɗauko, wanda mai gida ko sunansa bai sani ba, shi ma ya shigar da tasa ta dala 9,000. A watan Fabrairu 2025 aka samu mai saye, aka sa cika ciniki a Afrilu.

Mataki na 1: Samo takardar da kanta

Kada ka tsaya a kan layi ɗaya da ka gani a rahoton kamfanin bincike. Ka nemi cikakken kwafin da'awar mai hatimin ranar da aka karɓe ta, da duk abin da aka shigar bayanta. Lauyanka zai iya sa kamfanin binciken ya ciro maka, ko ka je ofishin magatakardan gundumar da gidan yake. Na Bronx yana cikin ginin kotu a lamba 851 Grand Concourse. Ka tafi da lambar Block da Lot ta gidan, suna nan a jikin takardar harajin gida, domin da su ake nema a birnin New York.

Abin da za ka karanta a ciki shi ne sunan mai da'awa, sunan mai gida kamar yadda aka rubuta, wanda ya ɗauke shi aiki, adadin kuɗin da ya ce ba a biya ba, ranar farko da ranar ƙarshe ta aiki, da bayanin gidan. Dole takardar ta kasance da rantsuwa.

Hattara: mutane da yawa suna shiga ACRIS, shafin rajistar gidaje na birnin New York, su duba, su ga babu komai, su kwanta da daɗi. ACRIS na takardun mallaka ne da na bashin banki. Da'awar magini a ofishin magatakardan gunduma ake ajiye ta, ba za ka gan ta a can ba. Idan ka yi aikin gyara a shekaru biyun da suka wuce kuma ba a rabu lafiya ba, ka sa a bincika tun kafin ka sa gidan a kasuwa. Wata shida kafin ciniki kana da zaɓi da yawa, mako biyu kafin ciniki kuwa kusan kuɗi kawai ke magana.

Mataki na 2: Zauna da kalanda

Kafin a shiga musun wa ya cuci wa, a duba kwanaki. Da'awa da yawa kwanakinsu ne ke kashe su, ba tare da an taɓa maganar yoyon rufi ba. Ranaku uku ne za ka lissafa.

Ta farko ita ce ranar shigarwa. Mai da'awa yana da wata 8 daga ranar ƙarshe da ya yi aiki ko ya kawo kaya. Idan gidan na iyali ɗaya ne, wata 4 kawai yake da shi. A misalinmu gidan mai sassa biyu ne, don haka wa'adin ya kai 15 ga Nuwamba 2024, shi kuwa ya shigar a 2 ga Oktoba, ya shiga cikin lokaci. Da gidan na iyali ɗaya ne, da ƙofa ta rufe tun 15 ga Yuli, kuma takardar da kanta za ta nuna ya makara.

A nan ake yawan yin wayo. Ɗan kwangila ya ga wa'adi ya kusa ko ya wuce, sai ya aiko yaro ya ɗaure famfo ko ya shafa fenti a bango, ya rubuta wannan ranar a matsayin ranar ƙarshe. Kotuna ba sa saurin yarda cewa ɗan gyaran da aka dawo aka yi bayan an gama aiki ya sabunta wa'adi, amma sai ka iya nuna ainihin ranar da aka tashi daga aikin. Saƙonnin waya, hotuna masu kwanan wata, rasit na ranar da aka kwashe kwandon shara na gini, duka ka adana su.

Ta biyu ita ce ranar sanarwa. Doka ta ce dole a isar wa mai gida kwafin da'awar a tsakanin kwana 5 kafin shigarwa da kwana 30 bayanta, sannan a kai wa magatakarda shaidar cewa an isar cikin kwana 35 daga ranar shigarwa. Idan shaidar ba ta shiga ba, da'awar ta faɗi. A misalinmu, isarwa ba za ta wuce 1 ga Nuwamba ba, shaidar kuma 6 ga Nuwamba 2024. Wannan shi ne wurin da waɗanda suka cike takardar da kansu ba tare da lauya ba suke yawan tuntuɓe, shi ya sa na ce ka nemi duk abin da aka shigar bayan takardar farko. Ƙaramin ɗan kwangila, irin mai famfon nan, sai ya ƙara da aika wa babban ɗan kwangilar nasa kwafin.

Hattara: cewa "ni ban ga wata wasiƙa ba" ba ta isa hujja. Doka ta yarda da aikawa ta wasiƙa mai rajista zuwa adireshinka na ƙarshe da aka sani. Idan ka ƙi karɓa a gidan waya, ko ka yi tafiya gida wata uku, isarwar tana iya tabbata duk da haka.

Ta uku ita ce ranar mutuwarta. Da'awar tana rayuwa shekara ɗaya daga ranar shigarwa. Kafin shekarar ta cika, ko dai mai ita ya tsawaita ta, ko ya shigar da ƙarar neman a sayar da gidan a biya shi, tare da rubuta sanarwar cewa akwai shari'a a kan gidan. A gidan iyali ɗaya tsawaitawa sai da umarnin kotu. A sauran gidaje, tsawaitawar farko ta shekara guda takarda ce kawai zai kai wa magatakarda. Da'awar misalinmu za ta ƙare a 2 ga Oktoba 2025 in bai yi komai ba. Ga wanda ba ya gaggawa, jira dabara ce mai arha, domin ƙara tana cin kuɗin lauya kuma masu ƙananan da'awa da yawa ba sa shigar da ita. Ga mai ciniki a Afrilu, jira ba zai yiwu ba: mai saye yana da wa'adin da banki ya riƙe masa farashin ruwan rance, in ya wuce zai iya janyewa.

Mataki na 3: Duba lasisi

A birnin New York, mai aikin gyaran gidajen zama dole ya riƙe lasisin Home Improvement Contractor daga hukumar kare masu saye ta birni, DCWP, kuma ana iya duba sunan kamfani a shafinta kyauta. Wanda ya yi maka aiki a gidan da kake zaune ba tare da wannan lasisin ba, kotunan jihar sun daɗe suna hana shi karɓar kuɗin aikin ta hanyar shari'a, da'awarsa kuma ba ta da ƙafar tsayawa. Ka duba ko lasisin yana aiki a lokacin da aka yi aikin, kuma ko sunan da ke kan lasisin shi ne sunan da ke kan da'awar. Masu aikin famfo da wutar lantarki nasu lasisin daban ne, daga hukumar gine-gine ta birni yake fitowa.

Ga 'yan'uwanmu masu sana'ar gini kuma, wannan magana taku ce. Na san da yawa suna aiki mai kyau a ƙarƙashin lasisin wani, ko ba lasisin ma gaba ɗaya, suna dogaro da cewa mai gidan ɗan gari ne, masallaci ɗaya ake zuwa. Ranar da aka saɓa, doka ba za ta tsaya muku ba. Ni dai ban ga kyawun mai gida ya fake da rashin lasisi ya cinye gumin wanda ya yi masa aiki na gari ba, amma kotu ba ta wannan fuskar take dubawa ba.

Mataki na 4: Lissafa abin da ake bin ka da gaske

Dokar New York tana da wata ƙa'ida da ke kare mai gida: duk da'awowin da aka shigar, idan an haɗa su, ba za su sa ka biya fiye da abin da ya rage a hannunka na kuɗin aikin ba a lokacin da aka shigar da su. Mai famfon nan bai yi yarjejeniya da kai ba, don haka da'awarsa ta 9,000 daga cikin ragowar da ɗan kwangila ke bin ka za ta fito. Da ka riga ka biya dukkan 60,000 kafin ya shigar da takardarsa, da babu abin da da'awar tasa za ta kama, sai ya bi wanda ya ɗauko shi.

To a misalinmu nawa ne ragowar? A lissafin mai gida, 12,000 ne, a cire 5,000 da ya biya wani ya toshe yoyon, saura 7,000. A lissafin ɗan kwangila 27,000 ne. A rahoton kamfanin bincike kuwa 36,000 za a gani, domin su ba ruwansu da wanda ke da gaskiya, lambobin da ke kan takarda suke haɗawa.

Ka tattara yarjejeniyar da aka sa wa hannu, da kowane cek da ya fita, da shaidar tura kuɗi ta banki ko ta waya, da rasit na mai gyaran rufi, da hotunan yoyon kafin gyara. Daga nan lauyanka ya aika wa mai da'awa buƙata a rubuce ƙarƙashin sashe na 38 na Lien Law, wato dokar jihar da ta tsara irin wannan da'awa, cewa ya kawo bayanin aikin dalla-dalla, abu-abu da farashinsa, da rantsuwa. Kwana 5 doka ta ba shi. In ya ƙi, a nemi umarnin kotu, in ya saɓa wa umarnin kuma kotu tana iya soke da'awar.

Amfanin wannan buƙata yana ga wancan 15,000 na ƙarin aiki. Faɗin adadi a dunƙule abu ne mai sauƙi, amma rubuta cewa an sauya bututu kaza a rana kaza a kan farashi kaza, da rantsuwa, wani abu ne daban. Sashe na 39 ya ce wanda ya ƙara kuɗi da gangan, da'awarsa gaba ɗaya ta ɓaci, har da ɓangaren da yake da gaskiya a kai. Sashe na 39-a kuma ya ɗora masa biyan adadin da ya ƙara, da kuɗin lauyan da aka kashe wajen cire da'awar, da ladan kamfanin inshorar da ya yi belin gidan, idan an bi wannan hanyar. Ɗan kwangilar da ya fahimci haka yakan sassauto.

Hattara: kada ka ɗauka za ka je kotu gobe ka ce ya ƙara kuɗi a soke. Kotu tana soke da'awa nan take ne idan aibin yana bayyane a jikin takardar, kamar makarar shigarwa. Musu a kan ingancin aiki ko yawan kuɗi sai an yi cikakkiyar shari'a, kuma sai an nuna ganganci, kuskuren lissafi ko saɓanin fahimta bai isa ba. Haka nan duk kuɗin da ka miƙa a hannu ba rasit, ka shirya jin an ce ba a karɓa ba.

Mataki na 5: Zaɓi hanyar da za ka ɗauke da'awar daga kan gidan

Abin da mafi yawan masu tambaya ba su sani ba shi ne, ba sai ka ci shari'a kafin ka sayar da gidanka ba, kuma ba dole ne ka biya abin da ba ka yarda da shi ba. Ana iya ɗauke da'awar daga kan gidan a mayar da ita kan kuɗi, gidan ya tafi ga mai saye, rigimar ta ci gaba a gefe.

Hanya mafi sauƙi ita ce sulhu. A misalinmu, idan bayanin dalla-dalla ya nuna cewa ƙarin aikin gaskiya bai wuce na 4,000 ba, ana iya daidaitawa a kan wani abu kamar 13,000, a biya mai famfo 9,000 kai tsaye, ɗan kwangila ya karɓi 4,000. Mai gida zai ji ya biya fiye da lissafinsa, amma ya auna da kuɗin lauya na shari'ar shekara biyu. Ba sai ka ciro kuɗin daga aljihu ba ma, ana iya biya daga kuɗin cinikin a ranar sa hannu.

Hattara: kada kuɗi ya bar hannunka sai takardar Satisfaction of Mechanic's Lien wato takardar sallama mai shaida cewa an biya an janye da'awar, tana hannun lauyanka, mai da'awa ya sa hannu a gaban notari. Kowane mai da'awa da tasa takardar. Idan ka ba ɗan kwangila duka kuɗin a kan alkawarin zai sallami mai famfo, ya kuma cinye, da'awar mai famfo tana nan daram a kan gidan, kuma biyan da ka yi bayan an shigar da ita ba zai kare ka ba.

Hanya ta biyu ita ce lamunin kamfanin inshora, kamar a yi belin gidan. Kamfanin zai rubuta takardar lamuni ta kashi 110 cikin 100 na adadin da'awar, a kai wa magatakarda, a isar wa mai da'awa kwafi, shi ke nan gidan ya fita. A misalinmu lamunin ɗan kwangila zai zama na dala 29,700, na mai famfo 9,900. Kana biyan kamfanin ladansa, wanda ba ya dawowa, kuma yana sake zagayowa kowace shekara muddin lamunin yana aiki. Mai gida na talaka, wanda ba kamfani ba, sau da yawa za a ce ya ajiye musu jingina ta tsabar kuɗi, wani lokaci cikakken adadin. Idan ɗan kwangila ya yi ƙara ya ci, kamfanin zai biya shi ya dawo kanka. Idan shekara ta cika bai tsawaita ba bai kuma yi ƙara ba, da'awar ta mutu, lauya ya nemi a saki lamunin da jinginarka. Ka fara neman lamunin da wuri, domin sai sun duba ƙarfin aljihunka kafin su yarda.

Ta uku ita ce ajiye kuɗin a ofishin magatakarda ƙarƙashin sashe na 20. Muddin ba a shigar da ƙara ba, kana iya kai adadin da'awar da ruwan da ya hau kansa zuwa ranar ajiya, a cire da'awar daga kan gidan. Babu ladan kamfani, amma kuɗinka ya kwanta a can, kuma fito da shi yana buƙatar takardu da haƙuri. Bayan an shigar da ƙara, kotu ce ke yanke adadin da za a ajiye.

Ta huɗu ita ce kamfanin binciken mallaka ya riƙe wani kaso na kuɗin cinikin a hannunsa amana, ya ba mai saye inshora duk da da'awar. Yawanci sun fi son su riƙe fiye da adadin da'awar, saboda ruwa da kuɗin shari'a. Wannan alfarma ce, ba haƙƙinka ba, sai kamfanin da mai saye da bankinsa duk sun yarda. Ka karanta yarjejeniyar amanar da kyau, musamman layin da ya ce bayan wata nawa kamfanin zai iya ɗaukar kuɗin ya biya mai da'awa ba tare da ya sake tambayarka ba.

In da ni ne mai gidan misalin nan, mai famfo zan fara sallama ta hanyar sulhu, tunda aikinsa ba shi ne ya yi yoyo ba kuma kuɗinsa zai ragu daga abin da ɗan kwangila ke nema. Na ɗan kwangila kuma in mayar da shi kan lamuni ko amana, in cika cinikina a Afrilu, mu haɗu daga baya ba tare da ranar ciniki tana bisa wuyana ba. Ƙarfin mai da'awa yana cikin gaggawarka ne, da zarar gidan ya fita, shi ne zai fara lissafin kuɗin lauya.

Mataki na 6: In ya yi shiru, ka tilasta masa motsi

Akwai mai da'awar da ba ya ɗaukar waya, ko kamfanin ma ya rufe. Sashe na 59 ya ba mai gida damar aika masa sanarwa cewa ya shigar da ƙara cikin wa'adin da ba zai gaza kwana 30 ba, ko ya zo kotu ya faɗi dalilin da zai hana a soke da'awarsa. In bai yi ko ɗaya ba, kotu tana iya sokewa. Buɗe fayil a babbar kotun jiha, Supreme Court, yana cin dala 210 na lambar shari'a, ban da lauya.

Hattara: wannan sanarwa tana iya tayar da wanda ke barci. Idan ya amsa da ƙara, zai rubuta sanarwar shari'a a kan gidan, wadda ke ɗaukar shekara 3, kuma ta fi da'awar farko tsorata masu saye. Shi ya sa ya fi kyau a fara mayar da da'awar kan lamuni, sannan a aika. Idan kuma saura wata biyu shekararta ta cika, ka bar ta ta mutu da kanta.

Mataki na 7: Ranar cika ciniki

Ka gaya wa lauyanka da dillalinka maganar da'awar kafin ka sa hannu a yarjejeniyar sayarwa. Yawancin yarjejeniyoyi suna wajabta wa mai sayarwa ya miƙa gida ba bashi a kai, suna kuma ba shi ɗan lokacin ɗage ranar ciniki don ya gyara. Ka san kwana nawa taka ta ba ka.

Kamfanin bincike zai sake duba rajista dab da sa hannu, don haka da'awar da aka shigar jiya ma za ta fito. Za a kuma ba ka takardar rantsuwa a kan ko an yi wani aiki a gidan kwanan nan da ba a biya ba. Idan ka sa an yi fenti da gyaran bene don gidan ya yi kyau a kasuwa, wa'adin wata 4 ko 8 na waɗannan ma'aikatan bai ƙare ba. Ka biya su, kowa ya sa maka hannu a takardar cewa an biya shi ya kuma janye haƙƙin da'awa. A New York irin wannan takardar tana aiki ne idan an sa mata hannu tare da biya ko bayansa. Wadda aka cusa a yarjejeniya tun farko, cewa magini ya yafe haƙƙin da'awa kafin ya ga kuɗi, sashe na 34 ya ce banza ce.

Hattara: kada ka yi ƙarya a takardar rantsuwar nan da tunanin gidan ya riga ya tafi. Takardar mallaka ta New York tana ɗauke da wani layi da ke ambaton sashe na 13 na Lien Law, inda mai sayarwa yake alkawarin riƙe kuɗin cinikin amana don ya fara biyan kuɗin aikin da aka yi a gidan. Wannan layin yana kare mai saye daga da'awar da aka shigar bayan an rubuta cinikin a rajista, amma yana buɗe wa magini hanyar bin ka kai da kuɗin da ka karɓa. Ga magini kuma darasin a fili yake: idan ka ga allon sayarwa a ƙofar gidan da kake bi bashi, kada ka jira wata na takwas.

Mataki na 8: Tabbatar an rubuta sokewar

Takardar sallama da ke cikin jakar lauya ba ta cire komai ba sai an kai ta ofishin magatakardan da aka shigar da da'awar, an rubuta sokewa a rajista. Ka tambayi wa zai kai, kamfanin bincike ko lauyanka, ka sa a rubuta sunansa a takardun ciniki. Bayan 'yan makonni ka nemi kwafi mai hatimi, ka duba cewa lambar Block da Lot, da adadin kuɗin, da ranar shigar da da'awar sun yi daidai da na takardar farko. Idan da'awa biyu ce, sokewa biyu za ka gani. Idan ta hanyar lamuni ko amana aka bi, ka rubuta ranar cikar shekarar, 2 ga Oktoba 2025 a misalinmu, kuma a makon da ya biyo baya lauyanka ya binciki ko an tsawaita ko an yi ƙara, in babu ya fara neman a sako maka kuɗinka.